Yadda Ake Gwada Taken Bincike Kafin A Kai Wa Malami: Darasi Daga Kasuwar Tumatir Ta Mile 12

A farkon 2025 ɗan ƙanwata, wanda ke shekarar ƙarshe a sashen tattalin arzikin noma na wata jami'a a nan Legas, ya same ni a gida a Agege bayan sallar isha'i da takarda a hannu. Ya ce, "Kawu, ga taken da na zaɓa, jibi zan kai wa malamina." Abin da ya rubuta shi ne: tasirin cire tallafin man fetur ga asarar tumatir da ake kawowa Legas daga Arewa, daga 2019 zuwa 2024.

Taken yana da daɗin ji, kuma ya taɓa abin da ke ci wa mutanenmu tuwo a ƙwarya. Amma na daɗe ina taya ɗalibai aikin tattara bayanai, kuma na ga yadda take mai daɗin ji ke cinye wa yaro wata uku kafin ya gane ba zai yiwu ba, sai ya koma yana cike takardun tambayoyi da hannunsa a ɗaki. Shi ya sa na ce masa ya jinkirta da mako ɗaya. Abin da muka yi a wannan makon shi zan zayyana a nan, domin duk mai take a hannu zai iya bin sawunsa. Tsarin kuwa yana da muhimmanci: bayanai tukuna, sannan lokaci, sannan kuɗi. Idan bayanan babu su, lissafin sauran biyun ɓata tawada ne.

Mataki na farko: mayar da taken ya zama teburin da babu komai a ciki

Ka ɗauki farar takarda ka zana teburin da kake sa ran zai fito a babi na huɗu. Ka rubuta kan kowane layi, ka bar gurbin alƙaluman a buɗe. Daga nan ka bi gurbi ɗaya bayan ɗaya kana tambaya: wannan lambar a hannun wa take a yau, kuma a rubuce take ko a ka?

Da muka zana nasa, sai ga shi yana bukatar abu uku na kowace shekara: farashin mai, kuɗin dakon kwando ɗaya daga Kano ko Katsina zuwa Legas, da kason tumatirin da ya lalace a hanya. Na farkon mai sauƙi ne, domin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton farashin fetur da na dizal duk wata, jiha-jiha, kyauta a shafinta. Haka ma tana fitar da farashin wasu kayan abinci, har da tumatir. Amma farashin tumatir daban, asarar tumatir daban. Na tambaye shi, "Wa ya auna ruɓaɓɓen tumatirin da aka sauke a watan Maris na 2020 ya rubuta?" Ya yi shiru, sannan ya ce zai tambayi 'yan kasuwa su tuna.

A nan ne ɗalibai da yawa ke faɗawa rami. Ɗan kasuwa zai iya faɗa maka abin da ya faru da motar da ta iso jiya. Idan ka ce ya tuna kason da ya lalace shekara biyar baya, zai ba ka amsa don ya girmama ka, amma amsar ra'ayinsa ce game da tsadar rayuwa, ba awo ba ce. Alamar da za ka gane haka ita ce amsoshin su riƙa zuwa a dunƙule: rabi, kwata, "ya ninka". Dokar da nake bi ita ce, duk lambar da babu ita a rubuce, kuma ba za a iya auna ta yau da ido ko sikeli ba, ka ɗauka babu ita.

Akwai matsala ta biyu wadda teburin ya tono, kuma ta fi ta farko girma. An sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, amma manyan motocin da ke dakon kayan gwari daga Arewa dizal suke sha, wanda direbobi ke kira gas, shi kuwa an daɗe da sakin farashinsa kafin wannan rana. Ban da haka, a farkon 2023 an yi ƙarancin takardun Naira saboda sauyin kuɗi, a watan Yunin shekarar kuma aka saki darajar Naira ta faɗi. Abubuwa uku ke nan cikin wata shida. Ko da a ce yana da alƙaluman asara na kowane wata, ta yaya zai ware ya ce wannan ɓarnar ta fetur ce, ba ta sauran biyun ba? Duk taken da ya fara da kalmar "tasiri" alkawari ne cewa za ka iya ware sanadi ɗaya daga sauran. Ka lissafa duk abin da ya auku a lokaci guda da sanadinka. Idan sun kai biyu ko uku kuma ba ka da hanyar raba su, taken ya fi ƙarfin aikin zango ɗaya.

Ga wanda zai dogara da bayanan hukuma kacokan, kada ya tsaya a "na ji suna da shi". Ya sauke fayil ɗin, ya buɗe shi, ya ƙirga shekarun da ke ciki da idonsa, ya duba ko an rarraba shi har zuwa matakin da yake so. Sau tari za ka tarar da na jiha ne alhali kai ƙaramar hukuma kake nema, kamar Kosofe inda Mile 12 take. Ya kuma duba ko an sauya ma'auni a tsakiya: a 2025 hukumar ƙididdiga ta sauya shekarar da take gina ma'aunin hauhawar farashi a kanta daga 2009 zuwa 2024, don haka ba a jona tsofaffin alƙaluma da sababbi kai tsaye. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuma ta 2006 ce, duk abin da ya biyo baya kiyasi ne. Idan kuma bayanan suna cikin ofis ne ba a shafi ba, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa bukatar da aka rubuta mata. Ka aika wasiƙar tun yau, amma kada ka ɗora aikinka a kanta sai takardun sun shigo hannunka.

Mataki na biyu: ka je wurin da ƙafarka, sau uku

Na ce masa ya je Mile 12 safiya uku a jere, ba don tattara bayanai ba, sai don ya auna kansa. Ya tafi da agogo, da ƙaramin littafi, da daftarin tambayoyinsa. Abin da zai rubuta huɗu ne: ƙarfe nawa ya bar gida kuma ƙarfe nawa ya isa, mutum nawa ya tunkara, nawa suka yarda, kuma minti nawa kowace hira ta ci tun daga sallama har godiya.

Ranar farko na raka shi, domin ba a shiga kasuwa irin wannan da takarda da biro ba tare da an gaida shugabanni ba. Muka sami ɗaya daga cikin dattawan sashen kayan gwari zaune a benci, yana karɓar lissafi daga wani yaro. Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, ɗana ne, karatu yake yi, yana so ya koyi yadda kaya ke lalacewa a hanya." Ya dubi yaron ya ce, "To, samari, ba dai na haraji ba ne ko?" Wannan tambayar ita ce abin da ke zuciyar kowa idan ya ga baƙo da takarda. Sai da aka nuna masa katin makaranta, aka yi alkawarin kawo wasiƙar sashe, aka kuma tabbatar masa ba za a rubuta sunan kowa ko cinikinsa ba, sannan ya kira wani dillali ya ce ya riƙa zagayawa da shi. Wanda bincikensa ya shafi asibiti ko makaranta, mai tsaron ƙofarsa kwamitin ɗa'a ne ko hukumar ilimi, kuma nasu izinin a rubuce yake, yana iya cin makonni. Ko wane ne, ka san shi, ka tambaye shi abin da yake bukata da tsawon lokacin da zai ɗauka, kafin malami ya sa hannu a takenka.

Sakamakon safiya ukun ya buɗe masa ido. A ɗaki, da ya gwada tambayoyin da abokinsa, minti 15 suka ci. A kasuwa kuwa, mutum yana amsawa mai saye zai zo, sai a tsaya. Da sassafe lokacin sauke kaya ne da ciniki, babu mai sauraronka. Idan rana ta take kuma da yawa sun watse ko sun gaji. Tagar da ta rage 'yar ƙarama ce, kuma a cikinta hira shida ya iya kammalawa a rana. Hausarsa ta taimake shi wajen masu kawo kaya da dillalai, amma matan da ke sara Yarabanci da turancin buroka suka fi yi, sai da ya nemi mai taya shi.

Sai dai a waɗannan ranakun ya ga wani abu da bai je nema ba. Ya dawo yana ce mini, "Kawu, matan nan da sun sayi kwando sai su zube shi su ware mai kyau gefe, wanda ya fashe gefe, shi ne suke kira esha. Kuma wasu motocin a akwatunan roba suke kawo kaya, ba a kwando ba." Na ce masa ai ga bincikenka nan. Abin da babu wanda ya rubuta a 2020, ga shi ana ware shi a gabanka kowace safiya, sikeli kawai ya rage. Sabon taken ya zama: kwatanta kason tumatirin da ya lalace tsakanin kwando da akwatin roba a lokacin isowa kasuwar Mile 12.

Mataki na uku: ƙirga lokaci daga ƙarshe zuwa farko

Kada ka ce "ina da wata huɗu". Ka fara daga ranar miƙa aiki ka riƙa cirewa. Shi yana da mako 16. Muka cire biyu na gyaran da malami zai ba shi da bugawa da ɗaurin littafi, uku na rubuta babi na huɗu da na biyar, biyu na shigar da alƙaluma da nazarinsu, biyu na jarrabawa, biyu kuma na jiran malami ya amince da kayan aiki a ba shi wasiƙa. Aka cire 11, saura mako 5. Yana da lacca, don haka kwana uku kawai zai iya zuwa kasuwa a mako, kwana 15 ke nan. A ciki muka zubar da kashi ɗaya cikin biyar saboda ranar da mota ba ta iso ba, ko cunkoso ya riƙe shi a hanya, ko zazzaɓi ya kama shi. Wata huɗun nan suka koma safiya 12.

Yanzu sai a gwama wannan da yawan mutanen da ake bukata. Yawancin sassanmu suna karɓar dabarar Yamane ta 1967:

```
n = N / (1 + N × e²)
```

A nan N yawan mutanen da binciken ya shafa ne gaba ɗaya, e kuma girman kuskuren da aka yarda da shi, galibi 0.05. Mu ƙaddara 'yan tumatir ɗin 600 ne, don misali kawai; ainihin adadin daga rajistar ƙungiyarsu ake nemansa. Lissafin zai ba da 600 a raba da 2.5, wato mutum 240. Idan ba a san adadinsu ba sam, dabarar Cochran kan kai mutum wajen 384. To shi da ke yin hira shida a rana, 240 na nufin safiya 40, yana da 12. Abin da zai iya samu 72 ne, kuma idan aka juya dabarar, kuskuren zai tashi daga kashi 5 zuwa kusan kashi 11 cikin ɗari. Ba haramun ba ne a yi aiki da 72, muddin an faɗi gaskiyar haka a babi na uku kuma malami ya yarda tun farko. Abin da ke kashe aiki shi ne a rubuta 240 a shawarar bincike, a samo 72, sannan a rasa yadda za a yi da giɓin.

Da sabon taken kuwa, abin ƙirgawa ba mutum ba ne, mazubi ne. Ya gwada ya ga zai iya auna biyar a safiya: a auna nauyin kayan duka, mai shi ta ware kamar yadda ta saba, a auna wanda ya lalace, a raba da jimla. Biyar sau 12 sittin ne, kwando 30 da akwati 30. Wannan ya isa a ga bambanci idan babba ne, amma ƙaramin bambanci zai ɓuya, kuma dole ya rubuta hakan. Na ja kunnensa a kan abu biyu. Na ɗaya, kada ya ɗauki biyar ɗin daga mota ɗaya, domin kayan mota ɗaya hanya ɗaya suka sha, kusan awo ɗaya ne aka maimaita. Na biyu, ya rubuta garin da aka yi lodi, da kwanakin da motar ta yi a hanya, da irin tumatirin, domin idan akwatunan duk daga kusa suka zo, kwandunan kuma daga Kano, to nisa ya auna, ba mazubi ba. Ya kuma tsayar da ma'anar "lalacewa" tun ranar farko, da hoto a waya: fasasshe, da mai ruwa, da ruɓaɓɓe, don kada ma'aunin ya riƙa sauyawa daga wannan mai sara zuwa waccan.

Kalanda ma tana da bakin magana. Tumatirin noman rani na Arewa, irin na Kadawa da Kura a Kano da Danja a Katsina, yana cika kasuwa ne a watannin farko na shekara, ya ja baya idan damina ta kusa. Makonninsa biyar sun faɗo daidai lokacin yalwa, sai dai azumin 2025 ya kama a farkon Maris, kuma gab da Sallah mutanenmu da yawa kan tafi gida. Saboda haka muka matsa aikin kasuwa ya fara da wuri, rubutu ya koma cikin azumi. Wanda zangonsa ya faɗo Yuni da Yuli, lokacin da ruwan Legas ya fi tsanani kuma kayan Arewa suka yi ƙaranci, wannan taken kansa ba zai yi masa ba.

Mataki na huɗu: kuɗi

Wannan bai da tsawo idan an yi na baya da kyau. Ka raba kashe-kashen gida biyu: wanda ake biya kowace ranar fita, da wanda ake biya sau ɗaya. Alƙaluman da ke tafe su ne ya rubuta a makon gwajinsa. Kai ka sa na ranarka, don farashi ba ya zama wuri ɗaya.

Yana da Naira 150,000. Kowace fita tana cin 3,000 kuɗin mota zuwa da dawowa, 1,500 abinci da ruwa, 2,000 kuma ihsani ga masu taya shi ɗaga kaya da warewa: 6,500 a rana, 78,000 a kwana 12. Na sau ɗaya kuwa, sikelin rataye 15,000, bugawa da ɗauri 35,000, data 8,000, jimla 58,000. Duka 136,000. Ya yi murmushi ya ce ya isa. Na ce tukuna, ƙara kashi 20 cikin ɗari na abin da ba a zata ba, kamar malami ya ce a sake buga babi, ko kuɗin mota ya tashi. Sai ya koma 163,200, ya haura abin da ke aljihu. Da ya samu aron sikeli a wurin wani mai sayar da hatsi a unguwarmu, lissafin ya sauko 121,000, da ƙarin kashi 20 ya zama 145,200. Ka lura da cewa da sai ya sayi kowane kwando kafin ya auna, da aikin ya mutu nan take. Abin da ya cece shi shi ne awon yana bin aikin da masu sara ke yi da ma. Tsohon tsarin hira da mutum 240 kuwa, kuɗin mota da abinci kaɗai na safiya 40 sun kai 180,000.

Takarda ma ana iya rage kuɗinta. Manhajar KoboToolbox kyauta ce ga ƙaramin aiki irin wannan, tana karɓar bayanai a waya ko babu sabis, sannan a sauke su a Excel. Amma ka gwada ta a kasuwar tukuna: hannun da ya taɓa ruwan tumatir ba ya jituwa da fuskar waya, shi ya sa shi ya zaɓi littafi da fensir, yana kwafewa da yamma a ranar.

Mataki na biyar: hukunci

Bayan wannan lissafi, ɗayan uku ne. Idan kowane gurbi a teburinka yana da inda lambarsa za ta fito, kuma kwanaki da kuɗi sun isa har da rara, ka ci gaba. Idan bayanan suna nan amma lokaci ko kuɗi ya gaza, ka rage: kasuwa ɗaya maimakon uku, kaya ɗaya maimakon kayan gwari duka, kaka ɗaya maimakon shekara shida, "kwatanta" ko "auna" maimakon "tasiri". Idan kuwa babbar lambar da taken ya dogara a kanta babu ita, kuma ba ta aunuwa yau, ragewa ba za ta yi magani ba, sai dai a sauya tambayar.

Ka kuma tanadi mafita tun kafin a fara, tare da ranar da za ka koma gare ta. Tasa ita ce: idan mako na biyu ya ƙare bai auna akwatin roba goma ba, saboda ba kullum suke isowa da yawa ba, zai bar kwatancen ya auna kwanduna kaɗai, ya duba yadda asara ke bin kwanakin hanya, ya ƙara da hira mai zurfi da dillalai goma kan abin da ke hana su komawa akwati, musamman kuɗin sayensa da wahalar mayar da shi Arewa babu kaya.

Abin da ya kai wa malaminsa a ƙarshe shafi ɗaya ne: sabon taken a sama, teburin da babu alƙaluma tare da inda kowace lamba za ta fito, sakamakon safiya uku na gwaji, lissafin mako 16 da ya koma safiya 12, kasafin 145,200, da mafitar da ranarta. Malamin ya karanta, ya ce ya ƙara gurbin da zai nuna ko mazubin daga saman lodi aka sauko da shi ko daga ƙasa, tunda na ƙasa ne ke ɗaukar nauyin sauran, sannan ya sa hannu. Washegari da asuba yaron ya rataya sikelin aro a jaka ya nufi tashar mota.